Zagayen Euler: dalilin da ya sa alƙalami ba ya maƙalewa sai a inda ya fara

A ɗauki takarda a yi ɗigo-ɗigo a kanta, sannan a haɗa wasu ɗigogin da layuka, kowane layi ya tashi daga ɗigo ɗaya ya ƙare a wani. Irin wannan zane shi masana lissafi ke kira giraf, kuma ba ruwansu da tsawon layi ko lanƙwasarsa, abin da ya dame su kawai shi ne wane ɗigo ke haɗe da wane. Tambayar da za mu bi ita ce: ko za a iya ɗora alƙalami a kan ɗigo ɗaya, a bi kowane layi sau ɗaya tak ba tare da an ɗaga alƙalamin ba, a kuma dawo daidai inda aka tashi? Tafiyar da ta cika wannan sharaɗi ita ce zagayen Euler. A lura cewa layi ne aka hana maimaitawa. Ɗigo kuwa ana iya ratsa shi sau nawa aka ga dama.

Amsar tana rataye ne a kan ƙidaya ɗaya mai sauƙi. A kowane ɗigo a ƙirga layukan da suka taɓa shi. Wannan adadi shi ne darajar ɗigon. Idan adadin yana rabuwa biyu ba saura, kamar 2 ko 4 ko 6, cika ne. Idan yana barin saura ɗaya, kamar 1 ko 3 ko 5, mara ne. Ka'idar ta ce: idan zanen haɗaɗɗe ne, wato daga kowane ɗigo akwai hanyar layuka da za ta kai mutum kowane ɗigo, kuma layukansa suna da iyaka, to yana da zagayen Euler idan darajar kowane ɗigo cika ce, kuma ba shi da shi idan ko da ɗigo ɗaya ne ya zama mara.

Magana biyu ce a cikin jimla ɗaya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko tana cewa duk inda aka sami zagaye, to darajoji cika ne. Ta biyu tana cewa duk inda darajoji suka zama cika, to akwai zagaye. Abin da ya fi damuna a yadda ake koyar da wannan ka'ida shi ne, sau da yawa ana tabbatar da ta farkon, wadda ba ta da wuya, sai a wuce kamar an gama. Alhali aikin yana cikin ta biyun, kuma a can ne mutum zai ga abin da kowane sharaɗi yake yi.

Mu fara sallamar mai sauƙin. A ce akwai zagayen, kuma muna tsaye a kan wani ɗigo muna kallon alƙalami yana tafiya. Duk lokacin da ya shigo ɗigonmu ta wani layi, dole ya fita ta wani layin daban, domin ba a maimaita layi. Shiga ɗaya, fita ɗaya, layi biyu ke nan sun tafi. Idan ya ratsa mu sau uku, layi shida ya ci. Tun da zagayen ya bi kowane layi, duk layukan da ke jikin ɗigonmu sun rabu biyu-biyu babu wanda ya rage shi kaɗai, saboda haka darajarsa cika ce. Ɗigon da aka fara daga gare shi ne kaɗai yake neman a ɗan tsaya a kansa, domin fitar farko ba ta da shigar da ta gabace ta. Amma shigar ƙarshe ma ba ta da fitar da ta biyo bayanta, sai a haɗa su biyun su zama abokan juna. Shi ma ya zama cika. An gama wannan ɓangare.

Da wannan hujja ce Leonhard Euler ya warware batun gadojin birnin Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad, a takardarsa ta 1736. A wancan lokaci kogin Pregel ya raba birnin zuwa yanki huɗu, gada bakwai ta haɗa su, mutane kuma suna tambaya ko za a iya zaga gari a haye kowace gada sau ɗaya. Idan aka mai da kowane yanki ɗigo, kowace gada layi, tsibirin Kneiphof da ke tsakiya yana da gada 5, sauran yankunan uku kowanne yana da 3. Duka huɗun mara ne, don haka ba zagaye. Euler ya kuma faɗi cewa idan sharaɗin ya cika tafiyar za ta yiwu, amma bai kawo cikakkiyar hujjar hakan ba. Wanda ya kawo ta shi ne Carl Hierholzer, wani masanin lissafi Bajamushe da ya rasu a 1871, aka buga aikin nasa a 1873 bayan rasuwarsa. Tsakanin takardun biyu shekara 137 ce.

Me ya sa ɓangare na biyu ya fi wuya? Domin darajar ɗigo labari ne na ɗigo ɗaya kawai. Tana gaya maka layi nawa ke nan wurin, ba ta gaya maka komai game da abin da ke can nesa. Zagaye kuwa abu ne da ya shafi zanen gaba ɗaya. A ce bincike na ɗigo-ɗigo, kowanne shi kaɗai, ya wadatar wajen tabbatar da tafiya ɗaya da za ta mamaye kowane layi, wannan da'awa ce babba, kuma ba a ganin gaskiyarta da ido kawai. Sai an gina tafiyar an nuna.

Ga zanen da za mu yi aiki da shi, kuma zai yi kyau mai karatu ya zana shi. A zana babban alwatika, A a sama, D a ƙasa ta hagu, F a ƙasa ta dama. A sa B a tsakiyar gefen hagu, C a tsakiyar gefen dama, E a tsakiyar gefen ƙasa. Sai a haɗa B da C da E da juna su yi ƙaramin alwatika a ciki. Layukan tara ne: AB, BD, DE, EF, FC, CA a kewaye, da BC, CE, EB a ciki. A da D da F kowanne darajarsa 2, B da C da E kowanne darajarsa 4. Duka cika ne, zanen kuma haɗaɗɗe ne.

Yanzu a ɗora alƙalami a kan A a kama tafiya ba tare da wani tsari ba. Doka ɗaya ce kawai: kada a bi layin da aka riga aka bi, kuma kada a tsaya muddin akwai layin da ba a bi ba a inda ake. A ce mun tafi B, daga B muka ratsa zuwa C, daga C muka hau zuwa A. Mun tsaya, domin layukan A biyu ne kuma mun cinye su. Tafiyar ita ce A–B–C–A, layi uku cikin tara. Zaɓinmu bai yi kyau ba, tunda mun bar layi shida a baya. Amma a duba inda muka maƙale. A gida muka maƙale, a kan A.

Wannan ba sa'a ba ce, kuma shi ne ginshiƙin hujjar duka. Da'awar ita ce: idan kowace daraja cika ce, mai irin wannan tafiya ba zai taɓa maƙalewa ba sai a ɗigon da ya fara. Ga dalili. A ce alƙalami ya shigo wani ɗigo wanda ba shi ne mafarin ba. Mu ƙirga layukan wannan ɗigo da aka ci zuwa yanzu. Duk ratsawar da aka yi masa a baya ta ci biyu, shiga da fita. Shigowar yanzu ta ci ɗaya. Jimilla biyu-biyu da ƙarin ɗaya, wato mara. Amma layukan ɗigon gaba ɗaya cika ne. Mara ba zai taɓa zama daidai da cika ba, saboda haka waɗanda aka ci ba su kai duka ba, akwai aƙalla layi ɗaya da ya rage. Ta nan za a fita. Kamar ɗaki ne mai ƙofofi da kowace ke rufewa da zarar an bi ta cikinta: idan ƙofofin cika ne kuma daga waje ka fara, duk shigar da ka yi akwai ƙofar da ta rage maka ta fita.

A mafarin kuwa lissafin ya juye. Fitar farko ta ci ɗaya tun kafin a yi komai, don haka duk lokacin da alƙalami ya dawo, waɗanda aka ci sun zama cika, kuma suna iya zama su ne duka. Nan kaɗai ƙofa za ta iya ƙarewa. Tun da layukan zanen suna da iyaka kuma kowane taku yana cin sabon layi, tafiyar dole ta tsaya wata rana. Tun da ba za ta iya tsayawa a ko'ina ba sai a mafari, to a mafari za ta tsaya. Mun sami rufaffiyar tafiya, ko da ba ta mamaye komai ba.

Daga nan sai dabarar Hierholzer. Maimakon a yi watsi da gajeren zagayen a sake gwadawa da fatan a dace, sai a ajiye shi a faɗaɗa shi. A goge layukan da aka bi, AB da BC da CA, a dubi abin da ya rage. A ya koma 0, B ya sauko daga 4 zuwa 2, C ma haka, D yana nan 2, E yana nan 4, F yana nan 2. Har yanzu duka cika ne. Dalilin hakan shi ne ɓangaren farko da muka riga muka tabbatar: rufaffiyar tafiya tana cin layuka biyu-biyu a kowane ɗigo, kuma idan aka cire cika daga cika, cika ne ke ragewa. Ina jin daɗin wannan wuri ƙwarai, domin rabin ka'idar mai sauƙi ya dawo ya zama kayan aikin tabbatar da rabin mai wuya.

Tun da saura yana da darajoji cika, da'awarmu ta ɗazu tana aiki a kansa. Sai a nemi ɗigon da yake kan zagayenmu kuma yake da sauran layi. B ya cika wannan sharaɗi. A tashi daga B a kan ragowar layuka: zuwa D, zuwa E, daga E mu ce mun koma B. Mun maƙale a B, inda muka fara wannan tafiya ta biyu, kamar yadda da'awar ta ce. Mun sami B–D–E–B. Yanzu a yanka zagayen farko a daidai B a cusa na biyun a ciki. Mai tafiya zai tashi daga A ya iso B, ya dakatar da tafiyarsa, ya zaga D da E ya dawo B, sannan ya ci gaba zuwa C da A. Sabon zagayen shi ne A–B–D–E–B–C–A, layi shida, ba wanda aka maimaita, domin na biyun an gina shi ne daga layukan da na farko bai taɓa ba.

Saura uku: EF, FC, CE. Ɗigon E yana kan zagayenmu kuma yana da sauran layi. Daga E a tafi F, a tafi C, a dawo E. A cusa wannan a inda zagayen ya ratsa E, sai a sami A–B–D–E–F–C–E–B–C–A. A ƙirga takun: AB, BD, DE, EF, FC, CE, EB, BC, CA. Tara cif, kowanne sau ɗaya, an tashi daga A an dawo A. A bi shi da alƙalami a kan takarda a gani.

Misali ɗaya ba hujja ba ne, kuma akwai wani taku da muka yi a cikinsa ba tare da mun kare shi ba. Sau biyu mun ce a nemi ɗigon da ke kan zagaye kuma yake da sauran layi, muka duba muka same shi. Wa ya ba mu tabbacin cewa kullum za a same shi? Ai yana iya yiwuwa layukan da suka rage suna can wani gefe, ba su taɓa zagayenmu ko ta ina ba. Idan haka ta faru, za a iya yin zagaye a can, amma babu inda za a yanka a cusa shi.

Nan ne sharaɗin haɗuwa ya shigo, kuma nan kaɗai ake bukatarsa a duk hujjar. A ce akwai layin da ba a bi ba, a ɗauki ɗaya daga ɗigoginsa biyu, mu kira shi X. Idan X yana kan zagayen, an samu abin da ake nema. Idan ba ya kai, to tun da zanen asali haɗaɗɗe ne, akwai hanya daga mafarin zagayen zuwa X. Wannan hanya ta fara a kan zagayen, ta ƙare a wajensa. Saboda haka akwai wani taku a cikinta da ya tashi daga ɗigon da ke kan zagayen ya sauka a ɗigon da ba ya kai. Layin wannan taku ba zai zama cikin waɗanda aka bi ba, domin duk layin da aka bi, ɗigoginsa biyu suna kan zagayen. Ke nan mun sami layin da ba a bi ba, yana manne da ɗigon da ke kan zagayen. Daga wannan ɗigo za a tashi.

Yanzu komai ya haɗu. Muddin akwai sauran layi, akwai ɗigon tashi a kan zagayen. Daga ɗigon tashi, cikar darajoji tana tilasta wa sabuwar tafiya ta rufe a inda ta fara. Cusa ta yana ƙara tsawon zagayen da aƙalla layi ɗaya. Layukan suna da iyaka, don haka ƙarin ba zai ci gaba har abada ba, kuma abin da kawai zai tsai da shi shi ne ƙarewar layukan. Ranar da suka ƙare, zagayen da ke hannu shi ne zagayen Euler.

Akwai wata hanyar rubuta wannan hujja da ake yawan gani a littattafai, wadda ta fi gajarta. A cikin duk tafiye-tafiyen da ba sa maimaita layi, a zaɓi wadda ta fi kowace tsawo. Dole ta zama rufaffiya, domin da ta ƙare a wani ɗigo daban da mafarinta, da akwai sauran layin fita a can, da an ƙara mata taku ɗaya ta fi kanta tsawo. Kuma dole ta mamaye kowane layi, domin da akwai saura, da akwai wanda ke manne da wani ɗigo a kanta, sai a fara zagayen daga wannan ɗigo, a kewayo a dawo, a ƙara wannan layin, a sake samun wadda ta fi ta tsawo. Hujjar ta yi kyau kuma daidai take. Sai dai ni na fi son a fara koya wa ɗalibi ta yanka da cusawa, domin ita tana ba shi aikin da zai yi da hannunsa, ita kuwa ta mafi tsawo tana tabbatar masa ne kawai cewa abin yana nan, ba ta nuna masa yadda zai same shi.

Kuskuren da ya fi yawa a rubutun ɗalibai yana faruwa ne a wajen ragowar zanen. Ɗalibi zai ce: na cire zagaye ɗaya, abin da ya rage ƙaramin zane ne mai darajoji cika, saboda haka yana da zagayen Euler, sai in haɗa su. Matsalar ita ce ka'idar tana magana ne a kan haɗaɗɗen zane, ragowar kuwa ba lalle ta kasance haɗaɗɗiya ba. A zana alwatika P, Q, R. A jikin P a rataya wani ƙaramin alwatika da sababbin ɗigogi biyu, a jikin Q ma a rataya wani. P da Q darajarsu 4, sauran duka 2, zanen haɗaɗɗe ne. Idan zagayen farko ya zama P–Q–R–P aka goge shi, abin da ya rage alwatika biyu ne da ba abin da ya haɗa su, ga R shi kaɗai ba layi. Babu zagaye ɗaya da zai mamaye wannan ragowa. Gyaran shi ne a ɗauki kowane gutsure daban, a samo masa zagayensa, a nuna cewa kowane gutsure yana taɓa zagayen farko a wani ɗigo, a cusa shi a nan. Hanyar gane wannan kuskure a rubutu ba ta da wuya: a duba ko marubucin ya yi amfani da haɗuwar zanen asali ko ta ragowar. Ta asali ce aka ba shi. Ta ragowar ba wanda ya ba shi, kuma sau da yawa ba gaskiya ba ce.

Akwai kuma alama ta biyu. Idan aka karanta hujja daga farko zuwa ƙarshe ba a ga inda ta yi amfani da haɗuwa ba sam, to akwai rami a cikinta, domin ba tare da haɗuwa ba ka'idar ƙarya ce. Alwatika biyu a gefe biyu na takarda, ba layi tsakaninsu, kowane ɗigo darajarsa 2, amma ba yadda za a zana su ba tare da ɗaga alƙalami ba. Haka ma iyakar layuka, wadda mutane ke mantawa da ita don ba a cika furta ta ba. A jera ɗigogi a kan miƙaƙƙen layi ba iyaka ta hagu ba iyaka ta dama, kowanne haɗe da na gabansa da na bayansa. Zanen haɗaɗɗe ne, kowace daraja 2 ce, amma wanda ya kama tafiya zai yi ta nisa ne kawai, ba zai dawo ba. Da'awarmu cewa ba a maƙalewa sai a mafari tana nan daram a wannan zane. Abin da ya rushe shi ne tabbacin cewa tafiyar za ta tsaya.

Ƙananan abubuwa biyu game da ƙidayar daraja. Hujjar ba ta damu ba idan layi biyu ko fiye suka haɗa ɗigogi biyu iri ɗaya, kamar yadda gadojin Königsberg suke a zamanin Euler, inda gada biyu suka haɗa tsibirin da gaɓa ɗaya. Kowane layi ana ƙirga shi da kansa. Idan kuma layi ya tashi daga ɗigo ya lanƙwaso ya dawo wannan ɗigon, ana ƙirga shi sau biyu a darajar, domin bakinsa biyu duka suna nan. Wanda ya ƙirga shi sau ɗaya zai mai da cika mara, ya yanke hukuncin da ba daidai ba.

Amfanin ka'idar a aikace shi ne ta sauya bincike da ƙidaya. A ɗauki ɗigo biyar a haɗa kowanne da kowanne: layi 10 ne, kowane ɗigo darajarsa 4, don haka akwai zagaye, ba sai an gwada ba. A yi haka da ɗigo huɗu: layi 6, kowace daraja 3, babu zagaye, komai yawan gwaji. Zanen da ke da dubban layuka ma haka ake yi masa, a ƙirga darajoji a duba haɗuwa, aikin kuma yana ƙaruwa ne daidai da yawan layukan. Ita ma hanyar yanka da cusawa, idan aka tsara ta da kyau a kwamfuta, kowane layi sau ƙalilan take taɓa shi. Wannan sauƙi ba kowace tambaya ke da shi ba. Idan aka juya tambayar aka ce a ratsa kowane ɗigo sau ɗaya maimakon kowane layi, wato zagayen Hamilton, har yau ba a san wani gwaji mai sauƙi irin wannan da zai raba mai yiwuwa da marar yiwuwa ba.

Sauran tambaya ɗaya da ke biyo baya da kanta: idan aka yafe sharaɗin dawowa gida fa, aka ce a bi kowane layi sau ɗaya a ƙare a duk inda aka ƙare? Kafin amsa, akwai wata ƙidaya da ke taƙaita abin da zai iya faruwa. Kowane layi yana da baki biyu, don haka idan aka tara darajojin duka ɗigogi za a sami ninki biyu na yawan layuka. A zanenmu 2 sau uku da 4 sau uku sun ba da 18, wato 9 sau biyu. A Königsberg 5 da 3 da 3 da 3 sun ba da 14, wato 7 sau biyu. Tun da jimillar kullum cika ce, ɗigogin da suke mara dole yawansu ya zama cika: babu ko ɗaya, ko biyu, ko huɗu, da sauransu. Ba a taɓa samun zane mai ɗigon mara guda ɗaya tak.

Tafiyar da ba ta rufe ba tana da fitar farko marar abokiya a wani ɗigo, da shigar ƙarshe marar abokiya a wani ɗigon daban. Waɗannan biyun za su zama mara, sauran duka cika. Saboda haka ɗigon mara huɗu sun yi yawa, kuma gadojin Königsberg ba su tsira ko da wannan sassauci ba. Idan kuwa mara biyu ne daidai a haɗaɗɗen zane, ba a bukatar sabuwar hujja. A ƙara layi ɗaya na aro tsakanin ɗigogin mara biyun. Kowannensu ya ƙaru da ɗaya ya zama cika, zanen yana nan haɗaɗɗe, ka'idarmu ta ba da zagaye. Sai a cire layin aron daga zagayen, zoben ya buɗe ya zama tafiya mai baki biyu, bakin ɗaya a kan ɗigon mara na farko, ɗayan a kan na biyu.

A gwada da zanenmu. A goge layin BC, sai B da C su sauko zuwa 3, layuka su koma takwas. Layin aron da za a ƙara shi ne BC ɗin, kuma mun riga mun san zagayen: A–B–D–E–F–C–E–B–C–A. A cire takun B zuwa C, a fara karantawa daga abin da ke bayansa, a kewayo: C–A–B–D–E–F–C–E–B. Taku takwas, daga C zuwa B. Wanda ya ɗora alƙalaminsa a kan A ko D ko E ko F a wannan zane ba zai gama ba ko ta ina ya bi, domin B da C kowanne yana da layi ɗaya marar aboki, kuma layin da ba shi da aboki ba ya samun wuri sai a takun farko ko na ƙarshe.